Lamba Mafi Girma a Cikin Jeri: Yadda Ake Zana Fulocat da Rubuta Sudokod

A cikin ayyukan gida da malaman kwamfuta ke bai wa sababbin ɗalibai, a sakandare ne ko a kwaleji ko a jami'a, da wuya a rasa wannan: ga jerin lambobi, ka zana fulocat, ka kuma rubuta sudokod da za su fitar da wadda ta fi kowace girma. Ɗalibi yakan karanta tambayar ya yi murmushi, don ko yaron firamare aka nuna wa 54 da 71 da 38 zai ce 71 ce babba tun kafin a rufe baki. Sai ya zauna zai rubuta, abu ya cije. Dalili kuwa shi ne ba lambar ake tambayarsa ba. Hanyar gano ta ake so ya shimfiɗa, mataki bayan mataki, ta yadda na'urar da ba ta da ido kuma ba ta da hasashe za ta bi ta kai ga amsa, ko lambobin shida ne ko dubu shida.

Ita wannan hanya mai matakai ita ake kira algoridim. Fulocat zanenta ne, da akwatuna da kibiyoyi, don ido ya ga inda aiki ya fara, inda ya rabu biyu, da inda ya koma baya. Sudokod kuma rubuta ta ne a layi-layi, cikin kalmomi kaɗan masu kama da yaren kwamfuta, amma don mutum ya karanta. Duka biyun abu ɗaya suke faɗa, kuma idan suka saɓa wa juna, to ɗaya daga ciki akwai kuskure.

Dabarar da komai ya rataya a kanta

Mutum yana kallon ɗan gajeren jeri gaba ɗaya ya tsinci babbar lamba, shi ya sa bai san yadda ya yi ba. Kwamfuta ba ta da wannan gata. A kowane mataki lamba biyu kawai take iya gwadawa, ta ce wannan ta fi waccan ko ba ta fi ba. Don haka tambayar ta koma haka: da gwajin lamba biyu-biyu, yaya za a gano wadda ta fi duka?

Dillalin da ke riƙe da rago a kara ya san amsar. Mutum na farko ya taya, sai ya riƙe wannan tayin a ka, domin a wannan lokacin shi ne mafi tsoka, tunda babu wani. Na biyu ya zo ya taya. In ya ɗara na farko, dillali ya saki tsohon ya riƙe sabon. In bai kai ba, ya ce albarka, ya ci gaba da riƙe na da. Ba ya bukatar tuna duk tayin da aka yi tun safe, guda ɗaya tak yake riƙewa, wato mafi girma zuwa yanzu. Idan masu taye suka ƙare, abin da ke kansa shi ne mafi tsada.

Haka algoridim ɗin yake. Za a ware wani ma'aji guda, wato wuri mai suna a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake ajiye lamba ɗaya ana kuma iya sauya ta. Bari mu kira shi `babba`. Za a zuba masa lambar farko ta jerin. Daga nan a bi sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya, kowace a gwada ta da abin da ke cikin `babba`. In ta fi shi, ta maye gurbinsa. In ba ta fi ba, a wuce ta. Da jeri ya ƙare, a bayyana abin da ke cikin `babba`.

Abin da ya sa wannan hanya ba ta kuskure shi ne wani alkawari da take cikawa a kowane mataki: duk inda aka tsaya, `babba` na ɗauke da mafi girman lambobin da aka riga aka duba. A farko alkawarin ya cika, don lamba ɗaya aka duba kuma ita ce a ciki. Kowane gwaji na gaba yana kiyaye shi. To idan aka duba lambobin duka, mafi girman waɗanda aka duba ita ce mafi girman jerin. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya gama rabin aikinsa tun bai ɗauki fensir ba.

Ban da `babba`, ana bukatar suna uku. `A` shi ne jerin kansa, kuma `A[3]` na nufin lamba ta uku a cikinsa. `n` shi ne yawan lambobin. `i` kuma shi ne mai ƙirga, wanda ke nuna lamba ta nawa ake dubawa yanzu.

Zanen fulocat, akwati bayan akwati

Zanen matakan aiki ya girmi kwamfuta. Frank da Lillian Gilbreth sun gabatar da irinsa ga ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka a 1921, don nazarin yadda aiki ke tafiya a masana'antu. A 1947 Herman Goldstine da John von Neumann suka yi amfani da zane makamancinsa wajen tsara aikin kwamfuta. Siffofin da ake koyarwa a yau an tattara su a ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 5807 ta 1985. Shi ya sa malami ke rage maki idan aka sa tambaya a cikin akwatin da ba nata ba, domin kowace siffa tana da aikin da aka san ta da shi.

Siffa huɗu da kibiya sun ishi wannan aiki. Mai siffar ƙwai ta farawa ce da gamawa. Akwati mai karkatattun gefuna na shigar da bayani ne ko fitar da shi. Akwati miƙaƙƙe mai kusurwa huɗu na aiki ne, kamar zuba lamba a ma'aji ko yin lissafi. Mai siffar daimon, wato wadda ta tsaya a kan tsininta, ta tambaya ce, tambayar da amsarta e ce ko a'a. Kibiya kuma tana nuna inda za a nufa daga nan.

A saman takarda, a tsakiya, ka zana siffar ƙwai ka rubuta `START`. Ƙarƙashinta ka sa karkataccen akwati mai ɗauke da `READ n, A`, wato a karɓi yawan lambobin da lambobin kansu. Sai daimon na farko, mai tambayar `n = 0?`. Kibiyar e ta fita gefe zuwa karkataccen akwatin da ke sanar da cewa babu lamba a jerin, daga nan ta wuce `STOP`. Kibiyar a'a ta sauka ƙasa zuwa miƙaƙƙen akwati mai `babba ← A[1]`, sai wani mai `i ← 2`. Daga 2 aka fara ƙirga saboda lamba ta 1 ta riga ta shiga `babba`, babu amfanin gwada ta da kanta.

Yanzu aka zo zuciyar zanen. Ka zana daimon na biyu mai tambayar `i <= n?`, ma'ana shin akwai sauran lambar da ba a duba ba? In amsar a'a ce, kibiya ta fita gefe zuwa `PRINT babba`, sai `STOP`. In e ce, ta sauka zuwa daimon na uku mai tambayar `A[i] > babba?`. Kibiyar e ta wannan daimon za ta shiga akwatin `babba ← A[i]`, ta fito ta faɗa akwatin `i ← i + 1`. Kibiyar a'a kuwa za ta kewaye akwatin sauyin, ta je kai tsaye ta faɗa wannan akwati na `i ← i + 1`. Hanyoyin biyu dole su haɗu a nan, domin ko an sauya `babba` ko ba a sauya ba, sai an matsa gaba. Daga akwatin ƙarin sai doguwar kibiya ta hau ta gefen takarda ta koma saman daimon na biyu. Wannan kibiya mai komawa baya ita ce zagayen, kuma ita ce ke sa zane mai akwatuna goma sha biyu ko sha uku ya iya da jeri kowane irin tsawo.

A kula da inda kibiyar ta sauka. Idan ta wuce daimon na biyu ta koma kan `i ← 2`, mai ƙirga zai riƙa komawa 2 a kowane zagaye, aikin ba zai taɓa ƙarewa ba. Sannan kowane daimon ƙofar fita biyu yake da su, ba ɗaya ba, ba uku ba, kuma kowace sai an rubuta mata e ko a'a. Daimon da ba a yi wa kibiyoyinsa alama ba ya bar mai karatu da canki-canka, abin da aka yi zanen don a kauce masa ke nan.

Sudokod

Sudokod ba shi da ƙa'ida guda da duniya ta amince da ita. Wani littafi ya rubuta `READ`, wani ya rubuta `INPUT`. Ɗalibin da ke karatu da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram zai tarar da `Début` da `Fin` da `Si` da `Tant que` a inda takwaransa na Kano ke rubuta `START` da `STOP` da `IF` da `WHILE`. Abin da ake bukata shi ne ka bi salon da malaminka ya koyar, kuma ka tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Ga shi a salo ɗaya daga cikin waɗanda ake amfani da su:

```
START
READ n, A[1..n]
IF n = 0 THEN
    PRINT "Babu lamba a jerin"
    STOP
ENDIF
babba ← A[1]
i ← 2
WHILE i <= n DO
    IF A[i] > babba THEN
        babba ← A[i]
    ENDIF
    i ← i + 1
ENDWHILE
PRINT babba
STOP
```

In ka ɗora wannan kusa da zanen za ka ga kowane layi yana da ɗan'uwansa. Daimon na biyu tare da kibiyar da ke komawa gare shi su ne `WHILE` da `ENDWHILE`. Daimon na uku shi ne `IF` na ciki. Turawar da aka yi wa wasu layuka zuwa dama ba ado ba ce, ita ke nuna wane layi ke cikin wane. Layin `babba ← A[i]` yana cikin `IF`, saboda haka ba ya aiki sai sharaɗin ya cika. Layin `i ← i + 1` yana wajen `IF` amma cikin `WHILE`, saboda haka yana aiki a kowane zagaye.

Alamar `←` tana bukatar ɗan bayani. Ma'anarta a ɗauki abin da ke dama a zuba shi a ma'ajin da ke hagu. Wanda ya saba da lissafin makaranta zai ga `i = i + 1` ya ce wannan ƙarya ce, babu lambar da ta yi daidai da kanta haɗe da ɗaya. Amma a nan umarni ne: ɗauki abin da ke cikin `i`, ƙara masa ɗaya, mayar da sakamakon cikin `i`. Kibiyar tana kawar da wannan ruɗani, tana kuma tunatar da kai alƙibla. In ka juya ka rubuta `A[i] ← babba`, ka shafe lambar da ke cikin jerin ka bar `babba` yadda yake, amsarka kullum lambar farko za ta zama.

Bin sawu da hannu

Kafin a yarda da zane ko sudokod, sai an bi sawunsa da fensir, ana yin abin da layukan suka ce kawai, ba abin da mai rubutun ya yi niyya ba. A ce makin ɗalibai shida ne a jarrabawa: 54, 71, 38, 71, 90, 12. Ke nan `n` 6 ne, `babba` ya fara da 54, `i` ya fara da 2. Ana jera abin da ya faru a kowane zagaye kamar haka:

```
i   A[i]   A[i] > babba?   babba
2   71     e               71
3   38     a'a             71
4   71     a'a             71
5   90     e               90
6   12     a'a             90
```

A zagaye na farko 71 ta fi 54, ta karɓi wurin. 38 ba ta kai ba. Da aka zo kan 71 ta biyu amsar a'a ce, domin lamba ba ta fin wadda suka yi daidai. 90 ta zo ta karɓe, 12 ta wuce ba ta taɓa komai ba. Bayan nan `i` ya zama 7, tambayar `7 <= 6` ta ba da a'a, aka fita daga zagayen, aka bayyana 90.

Lambobi shida, gwaji biyar. Haka abin yake kullum: jeri mai lamba `n` yana cin gwaji `n - 1`. Kuma babu wata dabarar gwada lambobi biyu-biyu da za ta yi ƙasa da haka a jerin da ba a tsara ba. Kafin a tabbatar cewa wata lamba ce babba, kowace daga cikin sauran sai an ga wata ta fi ta ko ta yi daidai da ita aƙalla sau ɗaya, kuma gwaji ɗaya lamba ɗaya kawai yake fitarwa daga takara. Lamba biyar za a fitar, gwaji biyar ake bukata. Wannan ne ya sa hanyar da wasu ke bi, ta fara jera lambobin daga ƙarama zuwa babba sannan a ɗauki ta ƙarshe, ba ta burge malami. Amsarta daidai ce, amma an yi aikin tsara jeri gaba ɗaya alhali lamba ɗaya ake nema.

Kurakuran da jeri mai sauƙi ke ɓoyewa

Ga inda maki ya fi zubewa. Yawancin kurakuran wannan aiki ba sa bayyana idan aka gwada su da jeri na yau da kullum. Suna ba da amsa daidai, ɗalibi ya miƙa aiki hankali kwance, sai malami ya kawo jerin da ya tona su.

Na farko shi ne fara `babba` da sifili. Tunanin yana da ma'ana a ido: a fara daga ba komai, duk lambar da ta zo za ta fi shi. Da makin jarrabawa kuwa lafiya lau yake aiki, tunda maki ba ya sauka ƙasa da sifili. Amma a ce lissafin wani shago ne na wata uku da duka aka yi asara: -4000, -1500, -9000. Mafi girma a nan -1500 ce, watan da asararsa ta fi sauƙi. Algoridim ɗin da ya fara da sifili zai duba ukun bai ga wadda ta fi sifili ba, ya bayyana 0, lambar da ba ta ma cikin jerin. Wasu sukan gyara ta hanyar farawa da wata lamba ta can ƙasa, kamar -9999, amma matsalar suka matsar gaba kawai, ranar da aka kawo jerin da duk lambobinsa ke ƙasa da haka za ta dawo. Farawa da `A[1]` ba ya da wannan rauni, domin duk abin da ya shiga `babba` daga cikin jerin ya fito.

Na biyu shi ne rubuta `i < n` a maimakon `i <= n`. Ɗan layi ɗaya ne ya ɓace a ƙarƙashin alamar, amma sakamakonsa shi ne ba za a taɓa duba lamba ta ƙarshe ba. Gwada shi da makin nan shida, zai ba ka 90, domin 12 da aka tsallake ba ta da tasiri. Gwada shi da 12, 38, 54, 90, zai ba ka 54.

Na uku shi ne shigar da `i ← i + 1` cikin `IF`. A zane, wannan na faruwa ne idan kibiyar a'a ta daimon na uku ta koma sama ba ta bi ta akwatin ƙarin ba. Idan jerin yana hawa ne daga ƙarama zuwa babba, kowane gwaji e ne, mai ƙirga yana matsawa, komai ya tafi daidai. A makin nan shida kuwa, da an zo kan 38 amsar a'a ce, `i` ya tsaya a 3, a sake tambaya, a sake samun a'a, haka har abada. Alamar wannan kuskure a teburin bin sawu ita ce layi biyu a jere masu `i` iri ɗaya. A kwamfuta kuma shiri ne da ya yi shiru, bai ba da amsa ba kuma bai ƙare ba.

Na huɗu shi ne gwada kowace lamba da maƙwabciyarta, wato `A[i] > A[i-1]`, a maimakon gwada ta da `babba`. Shi ma da makin nan shida 90 zai bayar. Amma ba shi 90, 12, 38. Zai fara da 90, ya ga 12 ba ta fi 90 ba, sannan ya ga 38 ta fi 12, ya zuba 38 a `babba`, ya zubar da amsar gaskiya da ke hannunsa tun farko.

Sai jerin da babu komai a cikinsa. Idan `n` sifili ne, babu `A[1]` da za a ɗauka, kuma tambayar wace ce babba ba ta da amsa. Daimon na farko don wannan aka sa shi. Wasu malamai sukan faɗa a cikin tambayar cewa jerin yana da aƙalla lamba ɗaya, to a nan ana iya cire shi, amma ya kyautu ka rubuta a saman aikinka cewa a kan wannan sharaɗi ka gina. Akwai kuma ƙaramin kuskure mai saurin ganewa, wato sa `PRINT babba` a cikin zagayen. Maimakon amsa ɗaya, sai a ga 71, 71, 71, 90, 90 sun jeru.

Idan malami ya juya tambayar

Sau da yawa tambayar takan zo da ƙari: a faɗi lambar, a kuma faɗi ta nawa ce a jerin. Gyaran kaɗan ne. A ƙara ma'aji mai suna `wuri`, a fara shi da 1, kuma duk lokacin da aka sauya `babba` a rubuta `wuri ← i` a cikin `IF` ɗin. A nan ne bambancin `>` da `>=` ke fitowa. Wajen neman lambar kawai, duka biyun amsa ɗaya suke bayarwa. Wajen neman wuri kuwa, a jerin 54, 71, 38, 71, alamar `>` za ta ce wuri na 2, domin 71 ta biyu ba ta iya ture ta farko, ita kuma `>=` za ta ce wuri na 4. Babu wadda ta yi laifi, sai dai ka san wadda ka zaɓa ka kuma iya faɗin dalili.

Idan mafi ƙanƙanta aka nema, alamar gwajin kawai za a juya ta koma `<`, a sauya wa ma'ajin suna. Idan kuma aka ce lambobin za su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya ne ba tare da an ajiye su a jeri ba, sai a karanta ta farko a zuba a `babba`, a mayar da akwatin karantawa cikin zagayen. Dabarar ba ta sauya ba, tunda dama lamba ɗaya ake riƙewa.

Akwai kuma ranar da za a ce a mayar da sudokod ɗin shirin gaske. A Python zai iya zama haka:

```python
A = [54, 71, 38, 71, 90, 12]
babba = A[0]
for x in A[1:]:
    if x > babba:
        babba = x
print(babba)
```

Abu biyu ne ke tuntuɓe da mutane a nan. Python, kamar C da Java, daga 0 yake fara ƙirga wuraren jeri, don haka lambar farko `A[0]` ce, ta ƙarshe kuma `A[n-1]`. Wanda ya kwafo `i <= n` daga sudokod yadda yake zai nemi wurin da babu shi, shirin ya tsaya da saƙon `IndexError`. Na biyu, abin da `input()` ya karɓo rubutu ne ba lamba ba, kuma rubutu harafi-harafi ake gwada shi daga hagu. Shi ya sa `"9" > "10"` ke ba da `True`, tunda 9 ta fi 1. Sai an mayar da shi lamba da `int()` kafin a gwada. Gaskiya ne Python na da `max()` da ke gama aikin a layi ɗaya, amma wanda ya rubuta shi a wannan aikin gida bai amsa tambayar ba, domin abin da ke faruwa a cikin `max()` ɗin shi aka ce ya bayyana.

Kafin ka miƙa aikin

Ka fara da fensir, ka bar fili a gefen takarda don kibiyar da za ta koma sama. In ka gama, ka ɗora zanen kusa da sudokod ɗin ka tabbata sunayen ma'ajiyai ɗaya ne, alamomin gwaji ɗaya ne, kuma kowane daimon yana da e da a'a. Sannan ka bi sawunsu da jeri biyar: wanda babbar lambarsa ke farko, kamar 90, 12, 38, wanda take ƙarshe, kamar 12, 38, 54, 90, wanda duk lambobinsa ke ƙasa da sifili, mai lamba ɗaya tak, da wanda babu komai a cikinsa. Kowane ɗaya an zaɓe shi ne don ya tona wani kuskure na musamman, kuma duka ba za su ci maka fiye da shafi guda ba. Ka haɗa teburin ɗaya daga cikinsu a aikin da za ka miƙa ko da ba a nema ba. Idan jeri biyar ɗin nan duka suka ba da amsar da ta dace, ka miƙa aikinka. Idan ɗaya ya ƙi, ka koma layin da teburin ya fara kaucewa, a nan kuskuren yake.